Me ya sa fanshon mace ke fita ƙarami? Lissafi daga Congo-Russia ta Jos

A unguwar Congo-Russia da ke ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, kamar yadda yake a Sabon Ibadan ko Agege ko Idi-Araba, ba wuya ka samu mace da namiji sun fara aiki shekara ɗaya, da takarda iri ɗaya, amma ranar ritaya abin da za a riƙa turo mata duk wata bai kai rabin nasa ba. Da yawa sukan ɗauka wani ne ya danne mata haƙƙi a ofis. Wani lokacin haka ne. Amma galibi ba wanda ya taɓa mata kobo, tsarin ne kawai yake ƙirga watannin da aka zuba kuɗi, ba ruwansa da dalilin da ya sa wasu watannin suka wuce ba zubi.

Yadda tsarin yake

A 2004, zamanin Obasanjo, Najeriya ta bar tsohon tsarin da gwamnati ke biyan fansho daga aljihunta, ta koma tsarin karo-karo. An sake dokar a 2014. A ƙarƙashinta kowane ma'aikaci yana da asusu nasa na kansa, wanda a takardu za ku ga an rubuta RSA, da lambar PIN guda ɗaya da zai riƙe har ƙarshen rayuwarsa, ko sau nawa ya sauya wurin aiki. Duk wata ana cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aiki ya ɗora kashi 10, ya zama 18. Ana yin lissafin ne a kan gundarin albashi da kuɗin gida da kuɗin mota, sai in yarjejeniyar aiki ta ƙara wani abu. Kamfanin kula da fansho, wato PFA, shi ke juya kuɗin, hukumar PenCom kuma tana sa ido.

To a nan maganar take. Asusun nan kamar asusun ƙasa ne da yara ke jefa kwabo: abin da aka jefa da ribar da ya haifa, shi za a tarar ranar da aka fasa. Ba wanda zai duba cewa kin haifi 'ya'ya biyar, ko kin yi shekara uku kina jinyar surukarki, ya ƙara miki wani abu.

Ma'aikatan jihohin da ba su koma sabon tsarin ba, su ma tsohon bai bar su ba. A can, sai an cika shekara 10 ana aiki ake samun fansho, kuma yana farawa ne daga kashi 30 na albashin ƙarshe, yana hawa da kashi 2 kowace shekara, har ya kai 80 a shekara ta 35. Matar da ta shiga aiki a makare, shekara 60 ta cim mata tana da shekarun aiki 22, kashi 54 za ta samu, kuma na albashin matakin da bai kai na sa'anninta ba.

Mu buga lissafin

A ce malamai biyu ne a wata makarantar kuɗi tsakanin Congo-Russia da titin Bauchi, mace da namiji. Dukansu sun fara aiki suna da shekara 25, albashin da ake lissafin fansho a kansa naira 100,000 a wata. Zubin kowannensu naira 18,000 ke nan a wata, 216,000 a shekara. Don lissafi ya yi sauƙi, mu ɗauka albashin bai motsa ba, kuɗin da ke asusu kuma yana ƙaruwa da kashi 5 cikin 100 duk shekara. Waɗannan alƙaluman misali ne kawai, ba alkawarin wani kamfani ba ne. Abin dubawa shi ne tazarar da za ta fito tsakaninsu.

Malam ya yi shekara 35 ba tsayawa. Yana da shekara 60, asusunsa ya kai kusan naira miliyan 19 da rabi.

Malama ta yi shekara uku, aka yi aure, haihuwa ta zo a jere, ta ajiye aiki tana da shekara 28. Sai da autan lokacin ya shiga firamare ta koma, tana da 36, ta yi shekara 24 a jere. Mu fara da ɗauka cewa ta koma kan albashinta na da. Asusunta zai tsaya a wajen miliyan 12 da dubu 900. Tazara ta kai miliyan 6 da dubu 600 da ɗoriya.

Ku duba da kyau. Kuɗin da ba a zuba ba a shekaru takwas ɗin nan naira miliyan 1 da dubu 728 ne kacal. Amma asarar ta ninka haka kusan sau huɗu. Shekarun da ta rasa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na shekarun aikin ba, amma kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ya tafi. Dalili shi ne kuɗin da aka zuba da ƙuruciya shi ya fi daɗewa yana haihuwa, ribar ma ta haifi tata ribar. Nairar da ta shiga asusu mace tana da shekara 30 tana da shekara talatin a gabanta, wadda ta shiga tana da 55 biyar kawai gare ta. Da a ce shekaru takwas na ƙarshe Malama ta bari, daga 52 zuwa 60, asarar ba za ta wuce miliyan 2 da kaɗan ba. Hutu iri ɗaya, tsawo iri ɗaya, amma na farkon aiki ya fi na ƙarshe ciwo fiye da sau uku. Kuma farkon aiki shi ne daidai lokacin aure da goyo.

Ba a nan ta tsaya ba, domin da wuya mace ta koma kan albashin da ta bari, balle wanda sa'anninta suka kai. Ƙarin girma ya wuce ta, mai makaranta kuma ya san tana neman wurin da ke kusa da gida ne saboda ta tashi da azahar ta ɗauko yara, sai ya taya ta da arha. A ce ta koma kan naira 70,000. Zubinta ya sauko zuwa 12,600 a wata, asusun kuma zai ƙare a wajen miliyan 10. Rabin na Malam ke nan.

Wani zai ce ai a shekarun nan riba ba ta kamo tsadar rayuwa ba. Gaskiya ne, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30, ribar asusun fansho kuwa ba ta kai nan ba. A irin wannan shekara kowa ya yi asara, mace da namiji. Sai dai hakan bai rufe tazarar ba, wanda ya zuba wata 420 har yanzu yana gaba da wadda ta zuba wata 324.

Kashi 25 ɗin nan

Dokar 2014 ta ce wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya karɓar kashi 25 na abin da ke asusunsa. Rangwame ne mai kyau ga wanda ya shiga matsi. Amma a unguwanninmu ya zama kamar al'ada, mace na barin aiki sai a ce mata "je ki karɓo kuɗinki mana", a yi hidimar suna ko a sauya kujeru.

A misalinmu, lokacin da Malama ta bar aiki asusunta na da wajen naira 680,000. Kashi 25 ɗin 170,000 ne. Da ta bar shi a ciki, da ya zama wajen 800,000 ranar ritaya. Idan ta cire, asusun zai ƙare a ƙasa da miliyan 9 da dubu 200, wato bai kai rabin na Malam ba. A ganina, in ba rashin lafiya ba ko jarin da aka tabbatar zai juya, kuɗin nan gara a manta da shi.

Ranar ritaya

Idan aka kai ritaya, hanya biyu ce. Ko dai PFA ya riƙa biya kaɗan-kaɗan daga asusun duk wata, ko a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biya har ƙarshen rai. A lissafin biyan wata-wata ana duba abin da ke asusu, da albashin ƙarshe, da shekarun mutum, da kuma ko namiji ne ko mace. Tunda a ƙididdiga mata sun fi maza tsawon rai, ana shimfiɗa kuɗin mace a kan shekaru masu yawa, sai na kowane wata ya ɗan ragu ko da asusun biyu daidai suke. Ƙaramin asusu, doguwar tafiya. A Tarayyar Turai an hana kamfanonin inshora bambanta farashi tsakanin mace da namiji tun Disambar 2012.

Idan kuma asusun ya yi ƙanƙanta ƙwarai, yadda ba zai iya fitar da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi duk wata ba, sai a tattara a ba mutum a dunƙule sau ɗaya, shi ke nan. Wadda ta yi aiki guntu-guntu nan ta fi faɗawa, ta fita daga tsarin ba ta da ko sisi da ke shigowa a wata.

Waɗanda ba su ma shiga ba

Duk lissafin da ya gabata na wadda ta samu aikin albashi mai fansho ne. Mafi yawan matanmu ba su nan. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya suna sana'o'in da ba na ofis ba ne. Mai sayar da tumatir da dankali a Farin Gada, mai gwanjo a Taminus, mai ɗinki ko awara ko masa a cikin gida, babu mai ɗora musu kashi 10. Ko a aikin albashin ma, dokar ta wajabta tsarin ne kai tsaye a kan kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama. Ƙananan makarantun unguwa, da kemis, da ƙananan asibitoci, inda mata suka fi samun aiki, da dama ba sa zubawa.

Jos kuma tana da nata ƙarin dalilin. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, da gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002, sun raba mutane da yawa da wuraren aikinsu da shagunansu. Wasu iyalai sun sauya unguwa, wasu sun bar garin gaba ɗaya, kuma wasu daga cikin masu karanta wannan a Kudu ta haka suka zo. Idan gida ya tashi, aikin maigida ake bi, na uwargida shi ake bari. Wadda ta taɓa aiki a Jos bayan 2004 aka buɗe mata RSA, kuɗinta na nan a asusun, bai ƙone ba, bai ɓace ba, ko da makarantar ko kamfanin ya rufe. Da PIN ɗinta, ko da NIN da katin shaida, za ta iya bin sawunsa a ofishin PFA ɗin a Legas ko Ibadan ko duk garin da yake da reshe.

"Ai fanshon maigida ya ishe mu"

Wannan magana tana da daɗin faɗi muddin maigida na raye kuma auren na nan. RSA na mai sunan ne shi kaɗai, dokar fansho ba ta yanka wa matar da aka saka wani kaso daga ciki ba. Idan rasuwa ce, abin da ya rage a asusu na magada ne, kuma sai an kawo wasiyya da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Rubuta sunan mace a gurbin dangi na kusa a fom bai mayar da kuɗin nata ba. A gidan Musulmi rabon gado za a yi, mata su raba tumuni idan akwai 'ya'ya. Asusu mai miliyan 10, mata biyu, kowacce naira 625,000. Idan kuma maigida hanyar inshora ya bi, garantin shekara 10 ne: ya rasu a cikinsu a biya magada ragowar, ya rasu bayansu biya ya tsaya.

Abin da ke rage tazarar

Babban magani shi ne kada shekarun hutu su wuce babu zubi ko kaɗan. Mu koma ga Malama. Da a ce a shekaru takwas ɗin nan ana ajiye mata naira 5,000 duk wata a wurin da ke ba da ribar da muka ɗauka, jimillar abin da aka zuba naira 480,000 ne, amma ranar ritaya ya zama wajen miliyan 1 da dubu 850. Idan 10,000 ne, miliyan 3 da dubu 700, fiye da rabin asarar. Ku kwatanta da wadda ta jira sai da ta koma aiki sannan ta ce za ta cike giɓin duka: sai ta ƙara wajen naira 12,500 duk wata har shekara 24, jimilla kusan miliyan 3 da dubu 600, don toshe ramin da miliyan 1 da dubu 728 zai toshe a kan lokaci.

Wa zai biya? Ni dai ina ganin wannan magana ce ta mata da miji tun kafin ta miƙa takardar barin aiki. Idan zaman da za ta yi don 'ya'yan gidan ne, bai kamata tsufanta ita kaɗai ya biya kuɗinsa ba. Maigidan da ke iya zubin adashi na dubu goma a kasuwa zai iya wannan.

Hanyar zubin ga mai zaman kanta ita ce ƙaramin fansho da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Maris 2019, Micro Pension Plan, wanda PenCom ta yi wa garambawul a 2025 ta sauya masa suna zuwa Personal Pension Plan. Ba a ƙayyade adadi ba, ana zubawa kullum ko mako-mako ko wata-wata, gwargwadon ciniki. Kuɗin kashi biyu ne, ɗaya ana iya cira idan buƙata ta taso, ɗayan a kulle yake sai tsufa. A ƙa'idar 2019 kashi 40 ne na cira, 60 na kulle. Bambancinsa da adashi ke nan: adashi kwasa ake yi a kashe, wannan kuwa akwai ɓangaren da ko ke ba ki isa ki taɓa ba, balle mai zuwa rance. Wadda take da RSA tun da, kada ta yarda wani wakili ya buɗe mata sabo. Ta je PFA ɗinta da PIN ɗinta, ta ce yanzu zaman kanta take, a nuna mata hanyar zubi. Lamba biyu ga mutum ɗaya ciwon kai ne ranar karɓa. Wadda ke kan aiki kuma tana iya sa wa a riƙa cire mata ƙari a kan kashi 8 ta hannun mai biyan albashi.

Masu gudun kuɗin ruwa, wanda shi ne ya hana da yawa daga cikinmu kusantar tsarin, akwai Fund VI da PenCom ta buɗe a 2021, inda ake juya kuɗin a hanyoyin da suka dace da shari'a irin su sukuk. Sai an nema a rubuce ake mayar da mutum can.

Na biyu, a bambance hutu da ajiye aiki. Dokar ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin, kuma ba a yarda a kore ta saboda hutun ba. Muddin sunanta na cikin takardar albashi, zubi na tafiya. Rage awannin aiki na shekara biyu ko uku, ko da albashin ya ragu, ya fi fita gaba ɗaya nesa ba kusa ba, domin kashi 10 na mai aiki na ci gaba da shigowa, kuma kujerarta na nan.

Na uku, a tabbatar abin da aka cire ya isa asusu. Doka ta ba mai aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, in ya makara akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata. Gane matsala ba wuya: ki ɗauki takardar albashinki, ki nemi bayanin asusu daga PFA, ki jera su wata-wata. Idan albashin fanshonki 70,000 ne, 12,600 ya kamata ki gani. Kin ga 5,600 kawai, naki aka tura, mai aiki ya riƙe nasa. Kin ga wata babu komai alhali an cire a takarda, kuɗinki na hannun wani. A fara da rubuta wa mai aiki, in bai gyara ba a kai ƙara PenCom, tana da wakilan da ke karɓo irin wannan bashi har da tararsa. A fara dubawa daga watannin hutun haihuwa.

Sai maganar suna, wadda kusan mata kaɗai take ci. An buɗe asusu da sunan mahaifi, bayan aure NIN ya koma sunan miji, banki kuma wani abu dabam, ranar haihuwa ma ta sha bamban. Ba za a biya ba sai sun daidaita. Gyaran yana buƙatar takardar rantsuwa ta kotu da sanarwar jarida da sabunta bayanai a PFA, kuma ya fi sauƙi mace tana da shekara 35 da ƙafarta fiye da tana da 60 tana jiran kuɗin magani. Wadda ba ta gamsu da PFA ɗinta ba, tun Nuwambar 2020 ana iya sauya kamfani sau ɗaya a shekara ba tare da rasa PIN ba.

Abin da sai gwamnati

Akwai iyakar abin da dubu biyar-biyar za ta iya. Ko a ƙasashe masu arziki na ƙungiyar OECD, fanshon mata ya gaza na maza da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da wasu suka yi shi ne ƙirga shekarun reno a matsayin aiki. A Jamus ana rubuta wa uwa har shekara uku na zubi a kan kowane ɗa da aka haifa daga 1992. A Birtaniya wadda ke karɓar tallafin yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ana lissafa mata shekarun a fanshon gwamnati. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Chile, ƙasar da Najeriya ta kwaikwayi tsarinta a 2004. Su ma sun ga irin wannan tazara, sai a gyaran 2008 suka kawo kyautar kuɗi da gwamnati ke sa wa uwa a lissafin fanshonta a kan kowane ɗa, yana tara riba har ta kai shekara 65. Dokarmu ta 2014 ba ta da makamancin wannan. Abin da ta yi alkawari shi ne mafi ƙarancin fansho ga wanda ya yi wasu shekaru yana zubi, kuma duk sharaɗin da aka gina a kan yawan shekarun zubi, mai hutun shekara takwas ita zai fara bari a waje.